Yadda Ake Mayar da Kalaman Soyayya daga Turanci zuwa Hausa ba Tare da Sun Yi Tsauri ko Sun Zama Abin Dariya ba

Da yawa daga cikin saƙonnin soyayya da samari da 'yan mata, har ma da ma'aurata, suke aika wa juna ta waya a yau, ba da Hausa aka fara tunaninsu ba. Wasu daga Turanci ake ɗauko su a juya kalma bayan kalma, wasu kuma daga bakin jaruman finafinan Indiya da aka yi wa fassara ake tsinto su, sai a wayi gari da saƙon da kowace kalma a cikinsa Hausa ce, amma babu Bahaushen da zai iya faɗarsa da bakinsa a gaban wadda yake so. Wanda kuma ya lura da wannan matsala, sau da yawa sai ya koma ga tsohon salon wasiƙa, ya cika saƙonsa da taurari da zinariya da lu'ulu'u, har abin ya fi kama da kirari fiye da maganar mutum da mutum. Akwai hanya a tsakanin waɗannan biyun, kuma ana iya koyon ta mataki bayan mataki.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za mu ɗauki misalin saurayin da yake aiki a Legas, an riga an sa ranar aurensa da wata yarinya a Katsina, kuma yana so ya aika mata da wannan saƙo da ya rubuta da Turanci, amma ya fi son ya isa gare ta da Hausa:

"Hey baby, I miss you so much. You are my sunshine and I can't live without you. Your voice warms my heart. Love you to the moon and back."

Idan aka bi shi kalma bayan kalma, ga abin da zai fito: "Ke jaririya, na rasa ki sosai. Ke ce hasken ranata kuma ba zan iya rayuwa ba tare da ke ba. Muryarki tana ɗumama zuciyata. Ina son ki zuwa wata da dawowa." Duk mai jin Hausa zai ji cewa akwai gyara a nan, amma ba kowa ne zai iya nuna inda kowane kuskure yake da dalilinsa ba, kuma sanin dalilin shi ne zai hana a maimaita shi a saƙo na gaba.

Mataki na farko: tantance inda zancenku ya kai

Kafin a taɓa kalma ko ɗaya, mai rubutu ya fara tambayar kansa matsayin da ke tsakaninsa da wadda zai rubuta wa, domin Hausa ta fi Turancin zamani bambanta maganar da ta dace da kowane matsayi. Bature yana iya kiran wadda ya haɗu da ita makon jiya da sunan da yake kiran matarsa ta shekara goma, ba tare da kowa ya ga baƙon abu ba. A wurinmu kuwa, maganar saurayin da bai riga ya sami izinin zuwa zance ba daban ce da ta wanda aka karɓi gaisuwar iyayensa, ta wannan ma daban ce da ta wanda aka sa wa rana, sannan maganar miji da mata a cikin ɗakinsu ita ma tana da nata faɗin. Kalmar da za ta faranta ran matar aure tana iya sa budurwa ta daina ɗaukar wayar mutum, ba don kalmar ba ta da kyau ba, sai don ta zo kafin lokacinta.

Akwai wani abin lura da ya shafi wayar kanta. A gidaje da yawa wayar budurwa ba ta rabuwa da hannun ƙanne da yayye, wani lokaci ma ta mahaifiyarta ce take ara. Saboda haka ma'auni mai sauƙi ga wanda bai yi aure ba shi ne ya rubuta abin da idan yayarta ta gani za ta yi murmushi ta tsokane ta, ba abin da zai sa ta kai ƙara wurin iyaye ba. Saurayinmu na Legas an sa masa rana, don haka yana da damar ya fito fili ya ce yana son ta kuma yana ɗokin ranar, amma bai kai matsayin yabon jikinta ba.

Mataki na biyu: gane zamanin da kalmar ta fito

Kowane harshe daga cikin biyun yana da tsohon salo da sabo, kuma babban abin da ke sa fassara ta yi tsauri shi ne a ɗauki saƙo mai sauƙi na yau a zuba shi cikin salon da ya tsufa, ko a yi akasin haka.

A Turanci, kalmomi irin su "my beloved" da "my dearest" da "forever thine" na tsofaffin wasiƙu ne da waƙoƙi. Ta farkon a yau an fi ganin ta a wa'azi da sanarwar mutuwa fiye da saƙon masoya, ta ƙarshen kuma tana ɗauke da wakilin suna da ya bar bakin yawancin Turawa tun ƙarnuka da suka wuce. Turancin soyayya na yau gajere ne, yana yawan zubar da wakilin suna, kamar "miss you" da "thinking of you", kuma ƙarfinsa yana cikin sauƙinsa. Akwai kuma wani rukuni na uku, wato kalaman katin gaisuwa irin wanda saurayinmu ya rufe saƙonsa da shi, waɗanda su kansu masu harshen suke ɗauka a matsayin wasa mai daɗi, ba magana mai nauyi ba. Wanda ya fassara irin wannan da Hausa mai nauyi ya ba shi girman da ba shi da shi tun asali.

A Hausa ma ana iya rarrabe salo uku. Mafi tsufa shi ne na zance da dandali, inda ake faɗar so a kaikaice ta hanyar gaisuwa da kirari da karin magana da toshi, inda saurayi zai ce wa budurwa "ranki ya daɗe" ko ya kira ta "farin wata sha kallo", ita kuma ta amsa da sunkuyar da kai. Na biyu shi ne na wasiƙa da littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1980, wanda ya yawaita kalmomi irin su "abar ƙaunata" da "muradin zuciyata" da "sanyin idaniyata" da "sahibata", kuma yakan buɗe da dogon share fage kafin a kai ga "dalilin rubuto miki wannan 'yar wasiƙa". Na uku ya zo da wayar salula, wadda ta bazu a Nijeriya tun daga shekarar 2001 da saƙon tes mai ɗaukar haruffa 160 kacal, ya tilasta gajartawa, ya kuma ƙara buɗe ƙofar Ingausa, inda ake jin "na yi misin ɗinki" da "bebina". A Nijar, inda Faransanci ne harshen boko, kalmar "sheri" ce ta shiga wannan gurbi.

Babu ɗaya daga cikin ukun da yake kuskure a karan kansa. Kuskuren yana cikin cakuɗa su ba da saninsu ba, kamar a buɗe saƙo da "ya ke muradin zuciyata" a rufe shi da "sai mun yi cat". Aikin wannan mataki shi ne mai rubutu ya zaɓi salo ɗaya ya tsaya a kansa, kuma a ra'ayina, ga saƙon waya na yau da kullum, Hausar baka mai sauƙi wadda aka ɗan taɓa da kalma ɗaya ko biyu daga tsohon salo ita ce ta fi shiga rai.

Mataki na uku: zaɓen sunan kira

Sunan da aka buɗe saƙo da shi ne yake fara tona asirin fassara. Kalmar da saurayinmu ya fara da ita ba ta nufin jariri a bakin masoyan Turawa, ma'anarta ta asali ta riga ta dushe, ta zama alamar kusanci kawai. A Hausa kuwa "jaririya" tana nan da goyonta da zanenta, don haka ba ta da wurin zama a nan. Haka "honey" take: idan aka ce "zumata", ana iya jin ta a waƙa ko a tsakanin ma'aurata, amma ga budurwa tana karkata zuwa wani zance da saurayin bai yi niyya ba. "My angel" kuma idan ta zama "mala'ikata" sai ta shiga fagen addini, inda kalmar take da ma'ana tsayayyiya da ba a wasa da ita.

Hausa tana da nata hanyoyin nuna kusanci ta suna, kuma mafi ƙarfinsu shi ne sunan yarinyar kansa, a gajarce ko a tausashe, tare da ƙarin mallaka, wato a ce "tawa" bayan sunan. Akwai kuma sunayen girmamawa da ake faɗa da fara'a, irin su "Hajiya" da "Malama" da "gimbiya" da "ranki ya daɗe", waɗanda a bakin saurayi suke haɗa girmamawa da tsokana a lokaci guda, abin da Turanci ba shi da kalma ɗaya da za ta yi shi. Ga wanda aka sa wa rana, "amaryata" ta fi duk waɗannan, domin tana faɗin gaskiyar halin da ake ciki, tana kuma tuna wa yarinyar alkawarin da ke gabansu.

Idan mace ce take rubutu, lamarin ya ɗan bambanta, saboda alkunyar da ta sa mata da yawa ba sa kiran sunan miji kai tsaye. A nan ne "maigida" da "Yaya" da "Malam" da "Abban wane" suke aiki, kuma wanda bai san al'adar ba zai ɗauka akwai nisa a cikinsu, alhali matar da ta rubuta "Abban wane, gidan ya yi mana faɗi tun da ka tafi" ta faɗi abin da ya fi "masoyina abin ƙaunata" zurfi. 'Yan matan birni da suka ga waɗannan sun tsufa sun koma ga "habibi" ta Larabci, wadda ta fi takwarorinta na Turanci zama daidai a cikin jimlar Hausa. Kada kuma a manta cewa Turanci yana da wakilin suna ɗaya, wato "you", ga namiji da mace idan ana yi musu magana, Hausa kuwa tana raba "ka" da "ki", don haka wanda ya kwafo fassarar da wani ya yi ya duba kowace jimla, kada ya aika wa mace da "ina son ka".

Mataki na huɗu: tambayi aikin da jimlar take yi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi cancantar a daɗe a kansa. Ga kowace jimla ta Turanci, mai rubutu ya ajiye kalmominta gefe, ya tambayi kansa abin da take son mai karatu ya ji, sannan ya nemi abin da Bahaushe yake faɗa idan yana son a ji hakan.

Jimlar farko ta saurayinmu tana nufin rashin ganin yarinyar yana damun sa. "Na rasa ki" ba ta faɗin haka, domin "rasa" a Hausa tana nufin abu ya kuɓuce wa mutum, kuma daga tushenta ne "rasuwa" ta fito, saboda haka jimlar tana iya nufin an ba wani ita, ko ma abin da ya fi haka muni. Kalmar da ta dace ita ce "kewa", a ce "ina kewar ki" ko "na yi kewar ki". Akwai kuma "bege", wadda ta fi nauyi da tsawon rai, kuma saboda yawan amfani da ita a waƙoƙin yabon Annabi, tana ɗauke da wani girma da ya sa "ina begen ki" ta fi dacewa da doguwar rabuwa ko rubutun waƙa fiye da kwana uku na rashin haɗuwa. Sau da yawa ma abin da ya fi duka biyun shi ne a nuna kewar a aikace, a ce "kwana biyu ban ji muryarki ba, duk sai na ji babu daɗi".

Jimla ta biyu da ta uku suna ɗauke da bambanci mafi girma tsakanin harsunan biyu. Turanci ya girma a ƙasa mai sanyi da hazo, inda fitowar rana abin murna ce, shi ya sa yake yabon masoyi da hasken rana da ɗumi. Hausa ta girma a inda rana take dukan mutum, shi ya sa muke cewa wane "ya sha rana" idan ya wahala, muke kiran mai saurin fushi "mai zafin rai", kuma idan zuciyar mutum "ta yi zafi" ba alheri ake nufi ba. Abin da Bahaushe yake nema a wurin masoyi shi ne sanyi da inuwa da kwanciyar hankali. Don haka "muryarki tana ɗumama zuciyata" ba ta isar da komai, abin da ya yi daidai da ita shi ne "idan na ji muryarki sai raina ya yi sanyi", ko "sai hankalina ya kwanta". Wannan dalili ne kuma ya sa "sanyin idaniya", wadda asalinta Larabci ne, ta zauna daram a Hausa har aka manta baƙuwa ce. Wanda yake son ya riƙe siffar haske, ya bar rana ya koma ga wata ko tauraruwa ko fitila, domin su ne hasken da ba ya ƙuna. Kuma wanda ya fassara "you are hot" da "kina da zafi" ya sani cewa ya gaya mata tana da faɗa.

Irin wannan tambaya ce take warware sauran jimlolin da aka saba ji. Bature yana faɗawa cikin so, Bahaushe kuwa yana "kamuwa" da shi, shi ya sa "na kamu da son ki" ta fi "na faɗa cikin soyayya da ke" sauƙi a baki. Inda Turanci yake cewa mutum ya haukace a kan wata, Hausa tana cewa "son ki ya hana ni sakat". Inda Turanci yake raba "like" da "love", Hausa tana da "so" ga duka biyun, don haka wanda yake matakin farko, wanda bai shirya faɗar babbar magana ba, ya ce "kin burge ni" ko "kin kwanta mini a rai". "Ƙauna" kuma ta fi "so" nutsuwa, tana haɗa tausayi da son alheri, shi ya sa take shiga tsakanin iyaye da 'ya'ya ma. Kalmar da ya kamata a yi kaffa-kaffa da ita ita ce "sha'awa", wadda wasu suke sawa a madadin "I admire you" ko "I want you". Ana cewa hali ko ilimin mutum "ya ba ni sha'awa" ba tare da wata matsala ba, amma "ina sha'awar ki" a bakin saurayi magana ce ta jiki, kuma haka za ta fahimce ta.

Jimlar ƙarshe ta saƙon, mai zuwa wata ta dawo, aikinta kawai ta ce son yana da yawa ta hanyar wasa. Hausa tana faɗin haka da "ina son ki ba kaɗan ba" ko "son da nake miki ba ya misaltuwa", kuma tun da nisa ne ke tsakanin Legas da Katsina, karin maganar nan ta "garin masoyi ba ya nisa" tana yin aikin fiye da kowace fassara. Karin magana ɗaya ya isa a saƙo guda, idan suka kai biyu ko uku saƙon ya koma darasin makaranta.

Mataki na biyar: rage zuzutawar da ta wuce iyaka

Turancin soyayya ya saba da maganganu irin su ba zan iya rayuwa ba sai da ke, ke ce komai nawa, ina bauta miki, kuma masu harshen ba sa ɗaukar su da ma'anarsu ta zahiri. Idan suka shigo Hausa, sai su dawo da cikakken nauyinsu, su ci karo da tarbiyyar mai karatu, wadda ta taso tana jin cewa rai da rayuwa a hannun Allah suke. Yarinya mai hankali idan ta karanta "ba zan iya rayuwa ba tare da ke ba", ko dai ta ɗauke shi a matsayin daɗin baki, ko ta ji an yi saɓo saboda ita, kuma babu wanda ya amfani saurayin a cikin biyun.

Abin da Hausa take sawa a wannan gurbi shi ne addu'a, kuma a ganina wannan ne wurin da ta fi Turanci arziki. "Allah ya bar mu tare", "Allah ya nuna mana ranar", "Allah ya bar mini ke", duk suna faɗin abin da waccan jimla take son faɗa, wato tsoron rabuwa da fatan dawwama, ba tare da ƙarya ko wuce gona da iri ba. Mai karatu kuma yana da abin amsawa, domin addu'a tana jawo "amin", alhali zuzutawa tana barin mutum ya rasa abin cewa.

Mataki na shida: a sake gina saƙon daga farko

Bayan an gama da jimloli ɗaya bayan ɗaya, kada a jera su bisa tsarin Turancin, domin saƙon Hausa yana da nasa tsari. Yana buɗewa da gaisuwa, ko da gajeriya ce, yana tambayar mutanen gida, sannan ya shiga maganar zuciya, ya rufe da addu'a. Saƙon da ya faɗa cikin "ina son ki" babu sallama yana kama da baƙon da ya shigo tsakar gida da takalmi har kan tabarma.

Ga yadda saƙon zai kasance idan aka bi tsohon salon wasiƙa har ƙarshe: "Zuwa ga abar ƙaunata, tauraruwa mai haskaka zuciyata. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina mai sanar da ke cewa begenki ya hana idaniyata barci, ya ke zinariya a cikin mata." Hausarsa ba ta da aibi, kuma a katin da za a sa cikin kayan lefe ko a ranar cikar shekarar aure yana iya yin kyau ƙwarai. Rauninsa a saƙon yau da kullum shi ne ana iya aika shi ga kowace mace ba tare da an sauya harafi ɗaya ba, kuma mata suna gane haka da sauri.

Maganin wannan rauni shi ne a saka abu ɗaya da su biyu kaɗai suka sani, wata magana da ta faɗa, ko wani abu da take fama da shi a makon. Da wannan, saƙon saurayinmu zai iya zama haka: "Amaryata, barka da dare. Ya gida, ya su Mama? Yau tun da na taso daga aiki nake tuna dariyar da kika yi mini jiya a kan zancen ɗinkin nan. Ina kewar ki ƙwarai, kuma duk gajiyar garin nan, da na ji muryarki sai raina ya yi sanyi. Saura kaɗan in sha Allahu. Allah ya nuna mana ranar, ya bar mu tare."

Idan aka gwada shi da na Turancin, za a ga cewa babu jimla ɗaya da ta zo daidai da takwararta, amma duk abin da saurayin ya so faɗa yana ciki: kewa, da daɗin muryarta, da tsoron rabuwa, da yawan so. Za a kuma lura cewa kalmar "so" ba ta fito ba ko sau ɗaya. Yana iya ƙara "ina son ki" kafin addu'ar idan sun saba faɗa wa juna, kuma za ta fi ƙarfi idan ta zo ita kaɗai, babu "sosai da sosai" a bayanta.

Mataki na bakwai: gwaji kafin aikawa

Mai rubutu ya karanta saƙon da murya, yana ɗaukar cewa yana zaune a zaure ko a ƙofar gidansu tana gabansa. Duk jimlar da harshensa ya yi tuntuɓe a kanta, ko ya ji ba zai iya faɗarta ido da ido ba don ta yi masa girma, to a cire ta. Sannan ya duba alamomin fassara da aka fi sani: yawan "kuma" a tsakiyar jimla inda Turanci ya sa "and", yawan "zuciyata" fiye da sau ɗaya alhali Hausa tana da "rai" da "hankali", da jimlolin da suka fara da "ke ce" ɗaya bayan ɗaya. Idan ya sami siffa fiye da ɗaya, wato ga tauraruwa ga zinariya ga fure, ya zaɓi ɗaya ya bar sauran. Amsar da ta dawo ita ma ma'auni ce: idan ta amsa da magana irin ta saƙon, ta ɗauki zancen ɗinkin ta ci gaba, salon ya zauna, idan kuwa "na gode" kawai ta rubuto, mai yiwuwa saƙon ya yi mata nauyi ne ta rasa ta inda za ta kama shi.

Idan daga Hausa za a koma Turanci

Wannan yakan faru ga wanda yake neman wadda ba ta jin Hausa sosai, kuma ƙa'idar ba ta sauya ba, sai dai haɗarin ya juya. A nan abin da ke faruwa shi ne Hausar girmamawa takan fito da Turanci mai kama da na tsofaffin littattafai. "Ranki ya daɗe" idan ta zama "may you live long" ta rasa tsokanar da ke cikinta, "sanyin idaniyata" kuma idan ta zama "coolness of my eyes" ba za a gane ta ba sai a wurin wanda ya san Larabci. Abin da ya dace shi ne a sauko da murya, a yi amfani da gajerun jimloli na yau, kamar "I feel at peace when I hear your voice" a madadin sanyin rai, da "I can't wait" a madadin "saura kaɗan". Addu'a kuwa ana iya barin ta da Hausa yadda take a ƙarshen saƙon Turancin, musamman idan mai karɓa ta san ma'anar "Allah ya bar mu tare", domin fassararta ta Turanci takan yi kama da rufe wa'azi, ita kuwa ta asali gajeriya ce da za a iya koya wa mutum ma'anarta sau ɗaya ya riƙe.